Tara ko takwas? Yadda na'ura ke kasa ƙwayoyin jiki rukuni-rukuni

Akwai wani ɗan jini da kusan duk mai koyon binciken ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya ya yi aiki da shi, ko da bai taɓa sa shi a ido ba. Wani mutum ne mai ƙoshin lafiya ya bayar da shi. Kamfanin 10x Genomics na Amurka ya ware fararen ƙwayoyin jini 2,700 daga ciki, ya auna abin da ke cikin kowace ɗaya, sannan ya saki sakamakon kyauta a intanet, inda aka san shi da `pbmc3k`. Manhajoji biyu da suka fi shahara a wannan fanni, Seurat ta ɗakin binciken Rahul Satija a New York da Scanpy da aka ƙirƙira a Munich, duk da wannan jini suka koyar da ɗalibai. Bayan tacewa, kowace ta tashi da ƙwayoyi 2,638. Darasin Seurat ya kasa su rukuni tara. Darasin Scanpy da aka daɗe ana koyarwa da shi ya kasa su takwas.

Jini ɗaya, mutum ɗaya, alƙaluma ɗaya, amsa biyu. Kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Wanda ya gane dalilin haka ya gane rabin abin da ake nufi idan labari ya fito cewa masana sun gano "sababbin nau'o'in ƙwayoyin halitta" a ƙwaƙwalwa ko a huhu.

Mu fara da abin da ake aunawa. Kowace ƙwayar halitta, wato sel, tana ɗauke da DNA iri ɗaya da na sauran sel na jikin mai ita. A cikinsa akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu ba da umarnin haɗa furotin. Abin da ya raba sel ɗin hanta da ta jini shi ne waɗanda kowace ta kunna. Idan sel ta kunna wata ƙwayar gado, sai ta yi kwafinta da sinadarin RNA, ta aika inda ake haɗa furotin. Saboda haka in ka ƙirga kwafin RNA da ke cikin sel, ka san aikin da take ciki a wannan lokaci. A da sai an niƙe miliyoyin sel tare a auna matsakaicinsu. A 2009, a Cambridge, Fuchou Tang da abokan aikinsa suka karanta na sel guda ta ɓera. Zuwa 2015 an samo dabarar kulle kowace sel a cikin ɗan ɗigon ruwa da ke yawo cikin mai, tare da wani ɗan ƙwallo mai ɗauke da lambar shaida. Sel ta fashe a cikin ɗigon, RNA ɗinta ya manne da lambar, daga nan ko an zuba komai wuri ɗaya an san wane kwafi ya fito daga wace sel.

Abin da ke isa hannun mai bincike jadawali ne ƙato. A darasin Seurat, layukansa 13,714 ne, kowane na ƙwayar gado ɗaya, ginshiƙansa 2,700, kowane na sel ɗaya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na gurabensa sifili ne. Wannan sifilin yana da ruɗi, domin na'urar ba ta kama duk RNA ɗin da ke cikin sel, wani kaso kaɗan take damƙa. Sifili na iya nufin an kashe ƙwayar gadon, yana iya nufin tana kunne amma kwafinta ya kuɓuce. Ba wani suna a jadawalin. Babu inda aka rubuta cewa wannan sel T ce, waccan B ce. Sai lambobi.

Daga nan hannun mutum ya fara shiga. Ana zubar da sel ɗin da aka ga ƙwayoyin gado ƙasa da 200 a cikinta, don mai yiwuwa ɗigon fanko ne ko tarkace. Ana zubar da wadda ta haura 2,500, don mai yiwuwa sel biyu ne suka faɗa ɗigo ɗaya. Ana zubar da wadda fiye da kashi 5 cikin 100 na RNA ɗinta ya fito daga mitokondiriya, sashen da ke samar wa sel ƙarfi, don alama ce ta sel da ta yage tana mutuwa. Haka sel 62 suka fita. Waɗannan iyakoki ba doka ba ce ta halitta, zaɓi ne da ya dace da jini. In ka ɗauki kashi 5 ɗin nan ka ɗora wa tsokar zuciya, wadda dama cike take da mitokondiriya, lafiyayyun sel za ka kwashe ka watsar.

Sai a daidaita ƙirgar don kada sel ɗin da aka kama mata RNA da yawa ta rinjayi sauran. Sai a zaɓi ƙwayoyin gado 2,000 da suka fi bambanta daga sel zuwa sel, a ajiye sauran gefe. Su ma dubu biyun sun yi yawa, kuma da yawansu tare suke hawa da sauka, don haka ake dunƙule su da wani lissafi mai suna PCA, a ba kowace sel maki goma kacal da ke taƙaita halinta. Da wannan maki goma ake auna kusanci. Kowace sel a nemo mata ashirin da suka fi kama da ita, a ja zare tsakaninsu. Abin da ya fito raga ce mai ƙulli 2,638, wani wuri zaren ya yi cunkus, wani wuri ya yi tsilla-tsilla.

Lissafin da ke yanka wannan raga ba don ilimin halittu aka ƙirƙire shi ba. Sunansa Louvain, daga jami'ar da ke Beljiyam inda aka fito da shi a 2008. Ɗaya daga cikin gwajinsa na farko shi ne bayanan kiran wayar salula na mutum wajen miliyan biyu a ƙasar. Bai saurari ko kira ɗaya ba, wa ya kira wa kawai ya duba, amma manyan rukunonin da ya fitar sai suka dace da masu jin Faransanci da masu jin harshen Holan. Aikinsa ke nan: neman gungun da zaren da ke tsakanin 'ya'yansa ya fi abin da za a samu da a ce haka kawai aka ƙulla su barkatai. A 2019 masana a jami'ar Leiden ta Holan suka gyara wata matsalarsa, suka sa wa nasu Leiden. A Seurat, duk wannan layi biyu ne:

```r
pbmc <- FindNeighbors(pbmc, dims = 1:10)
pbmc <- FindClusters(pbmc, resolution = 0.5)
```

Dubi `resolution = 0.5` ɗin nan da kyau, don a nan gizo ke saƙa. Lamba ce da mai bincike ke rubutawa da hannunsa, kuma ita ke faɗa wa lissafin ko ya yi manyan yanka ko ƙanana. Ka rage ta, rukunoni su haɗe su ragu. Ka ƙara ta, su farfashe su yawaita. Kamar a ce maka ka raba mutanen birnin Kano ne. Kana iya cewa ga na Dala, ga na Gwale, ga na Fagge. Kana iya sauka unguwa-unguwa, kana iya sauka layi-layi. Duk rabon gaskiya ne, kuma ba wanda za a ce shi ne "ainihin adadin" gungun Kanawa. Marubutan darasin Seurat da kansu cewa suka yi daga 0.4 zuwa 1.2 yakan ba da sakamako mai kyau ga sel wajen 3,000. Shawara ce ta wanda ya saba da aiki, ba hujjar lissafi ba.

Ga kuma wani hali na wannan lissafi da ba a cika faɗa ba: bai san "ban sani ba". Kowace sel sai ya cusa ta a rukuni, kuma rukuni ɗaya tak. Wadda ke tsakiyar gungu da wadda ke kan iyaka, rabin maƙwabtanta nan rabi can, launi ɗaya za a shafa musu a hoto.

Yanzu ana iya ganin inda tara da takwas suka rabu. Darasin Scanpy ya ɗauki maki 40 da maƙwabta 10, ya yi amfani da Leiden. Ya bar sel T masu CD4, wato masu taimaka wa sauran garkuwar jiki, a dunƙule. Na Seurat ya tsaga su biyu: waɗanda ba su taɓa haɗuwa da cuta ba, masu yawan `CCR7`, da waɗanda suka taɓa haɗuwa suka riƙe tunaninta, masu yawan `S100A4`. Masana garkuwar jiki sun san wannan bambanci tun kafin a ƙirƙiro wannan fasaha, don haka tsagawar tana da tushe. Sai dai tsakanin biyun babu wani rami a bayanan. Gungu ɗaya ne mai tsawo da launinsa ke sauyawa a hankali, kuma in ka ɗan taɓa saitin, iyakar za ta matsa, wasu sel su sauya gida.

Ba duk iyakoki ne haka ba, kuma rashin adalci ne a ce duk abin son rai ne. Sel B, masu haɗa sinadaran kariya, suna kunna `MS4A1` da wasu ƙwayoyin gado da dama da sel T ba sa taɓawa. Duk yadda ka juya saitin cikin hankali, su kaɗai za su ware. Haka monosayit, manyan sel masu haɗiye ƙwayoyin cuta, ba za su gauraya da sel T ba. Wannan ita ce jarrabawa mafi sauƙi da mai bincike na kirki ke yi: ya maimaita aikin da saiti dabam-dabam, ko ya cire wani kaso na sel ɗin ya sake, ya ga wane rukuni ya tsaya daram, wane ne ya watse. A ganina, duk rahoton da ya nuna hoto ɗaya da saiti ɗaya ya ɓoye wa mai karatu abin da ya fi buƙatar sani.

Sunayen ma ba na'ura ke raɗawa ba. Abin da take bayarwa shi ne rukuni na 0, na 1, na 2, har zuwa na 8. Mutum ne zai duba ƙwayoyin gadon da suka yi fice a kowane, ya tuno abin da ya karanta, ya ce wannan mai `GNLY` da `NKG7` sel NK ne. Akwai ɗan ƙaramin rukuni a wannan jini, bai kai sel 20 ba, mai kunna `PPBP`. Darasin Seurat ya kira shi filatilet, 'yan gutsattsarin da ke sa jini ya daskare a kan rauni. Na Scanpy ya kira shi megakariyosayit, manyan sel na cikin ɓargo da filatilet ke ɓallowa daga jikinsu. Alamar RNA ɗinsu ta yi kama ƙwarai, tunda ɗaya daga ɗaya ya fito, kuma jadawalin bai nuna girma ko siffa ba, balle ya raba gardama.

A nan akwai tarkon da ya kama masana da yawa. Bayan an kasa rukunoni, akan yi gwajin ƙididdiga a tambaya: shin rukunin nan ya bambanta da wancan? Kusan kullum amsar e ce, da ƙarfinta. To ai dole, tunda da wannan bambancin aka raba su tun farko. Ko da za ka ƙirƙiri bayanan bogi na sel iri ɗaya sak, babu komai tsakaninsu sai ɗan hawa da saukar sa'a, ka ɗaga `resolution` sama, lissafin zai tsaga su, gwajin kuma ya kawo maka jerin ƙwayoyin gado "masu bambanta su". An yi amfani da shaida ɗaya sau biyu, wajen kafa zargi da wajen tabbatar da shi. Don haka jerin alamomi, komai tsawonsa, ba ya isa hujjar cewa rukuni na gaske ne.

Wani lokaci kuma abin da ake yankawa tafiya ce, ba gungu ba. Misali mafi kusa da mu shi ne ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ita ma sel guda ce, kuma masana a cibiyar Sanger ta Ingila sun auna ta ɗaya bayan ɗaya, suka wallafa taswirarta a 2019. Nau'in falsifarum, wanda ya fi addabar ƙasashenmu, yana ɗaukar kimanin awa 48 yana girma a cikin jar ƙwayar jini kafin ya fasa ta, 'ya'yansa su shiga wasu. Da aka jera ƙwayoyin bisa kamannin RNA ɗinsu, sai suka yi da'ira, kowace na bin ta gabanta gwargwadon shekarunta na awanni. Ka ba Louvain wannan da'ira, zai yanka maka ita gida huɗu ko shida ko goma, yadda ka so. Ba nau'o'i ba ne, ƙwaya ɗaya ce a lokuta dabam-dabam, kuma wadda ke rukuni na 2 da safe za ta koma na 3 da dare. Amma a cikin bayanan akwai waɗanda suka bar da'irar suka zama maza da mata, masu jiran sauro ya tsotse su. Waɗannan rabuwarsu ta gaske ce, hanyar da ba a dawowa. Lissafin bai bambanta iri biyun nan ba, lamba da launi kawai ya ba kowa.

Mafi muni shi ne rukunin da ɗakin gwaji ya haifa da kansa. Jini ruwa ne, sel ɗinsa a warwatse suke. Tsoka ko ƙoda kuwa sai an jiƙa su a sinadarin enzayim, yawanci a zafin jiki na digiri 37, har sel ɗin su saki juna. A 2017 masu bincike a cibiyar Hubrecht ta Holan suna nazarin sel ɗin da ke gyara tsokar ɓera in ta ji rauni. Suka ga rukuni biyu, ɗaya yana kunna `Fos` da `Jun` da ƙwayoyin gadon da sel ke kunnawa in ta shiga wahala. Da ganin haka mutum zai ce an gano sabon reshe. Sai suka koma kan tsokar da ba a narkar ba, suka nemi wannan alama a cikinta, ba su same ta ba. Suka tsawaita jiƙon, alamar ta ƙaru. Ashe sel ɗin kuka suke yi da abin da ake musu a kan tebur, na'ura kuma ta rubuta kukan daidai. Shi ya sa wasu yanzu ke narkar da nama a cikin sanyi da wani enzayim da ke aiki a ƙananan digiri.

Akwai 'yan uwan wannan matsala. In sel T da monosayit suka faɗa ɗigo ɗaya, za su fito kamar wata baƙuwar sel mai alamomin duka biyu, kuma irinsu kan taru su yi ɗan rukuninsu a tsakani. Yadda ake gane su: RNA ɗinsu ya fi na kowa yawa, kuma ba su da wata alama tasu ta kansu. In kuma an auna jinin marasa lafiya ranar Litinin, na masu lafiya ranar Alhamis, rukunonin na iya rabuwa bisa rana, a ɗauka cuta ce ta raba su. Duk rukunin da sel ɗinsa suka fito daga mutum ɗaya ko rana ɗaya abin tuhuma ne.

Rashin rukuni ma ba ya nufin rashin sel. Nutrofil su ne fiye da rabin fararen ƙwayoyin jinin babban mutum, amma ko rukuni ɗaya ba su da shi a cikin taran nan, domin hanyar da ake ware wannan kaso na jini tana barin su a ƙasan kwalba tare da jajayen ƙwayoyi. Wanda ya ɗauki hoton a matsayin ƙidayar jini zai yi babban kuskure.

Shi kansa hoton, mai ɗigo-ɗigo launi-launi da ke fitowa a mujallu, yana buƙatar taka tsantsan. Yawanci da UMAP ake zana shi, dabarar da ta fito a 2018, wadda ke matse maki goma ko hamsin ta mayar da su biyu don su zauna a kan takarda. Tana ƙoƙarin ajiye maƙwabta kusa da juna, amma tazarar da ke tsakanin manyan gungu da faɗin kowane gungu ba abin dogaro ba ne. Tara Chari da Lior Pachter na Caltech sun nuna haka a 2023 ta hanya mai ban dariya: suka tilasta wa bayanan sel su fito da siffar giwa, suka auna, suka ga a wasu ma'aunai giwar ba ta fi hoton UMAP karkatar da gaskiya ba.

To yaushe rukuni ke zama gano abu? A 2018 ƙungiyoyi biyu a yankin Boston, kowace da aikinta, suka auna sel ɗin da ke shimfiɗe a bututun numfashi. Duka suka ci karo da ɗan ƙaramin rukuni, wajen kashi 1 cikin 100, mai kunna `Foxi1` da kuma `Cftr` da yawan gaske. Ita `Cftr` ita ce ƙwayar gadon da lalacewarta ke jawo sistik faiburosis, ciwon da ke sa majina ta yi kauri ta toshe huhu, wanda ya fi yawa a tsakanin Turawa. Tun 1989 aka san ta, amma ba a san da waɗannan sel a huhu ba. Masu binciken ba su tsaya a kan hoto ba. Sun koma nama, suka rina shi, suka ga sel ɗin da madubin ƙara girma a inda suke zaune. Sun same su a ɓera, sun same su a mutum. Ƙungiya ɗaya ta duba ɓerayen da aka kashe wa `Foxi1`, ta ga `Cftr` ya ragu, yanayin majina ya sauya. Ɗayar ta ƙara kunna ta a sel ɗin mutum da aka rena a kwano, irin waɗannan sel suka ƙaru. Da yake an san makamantansu a fatar kwaɗo da sashen numfashin kifi, sai aka ba su sunan waɗancan, ayonosayit. Rukunin ne ya nuna inda za a duba, gwaje-gwaje dabam suka tabbatar.

Ko a nan maganar ba ta ƙare ba. Kasancewar kowace ayonosayit tana da `CFTR` da yawa bai nuna cewa su ke ɗauke da yawancin aikin ba, tunda su 'yan kaɗan ne. A 2021 masana a jami'ar North Carolina suka ba da rahoton cewa a bututun numfashin mutum, sel masu fitar da ruwa da majina, waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba, su ne mafi yawan masu kunna wannan ƙwayar gado.

Saboda haka, mai karatu, in ka ji an ce an gano nau'in sel 39 ko 100 a wata gaɓa, ka nemi sanin abu uku: ko adadin ya tsaya da aka sauya saiti, ko an same shi a mutane dabam-dabam da ranaku dabam-dabam, ko kuma wani ya koma nama ya gan shi da ido.